RSA da hannu: p = 7, q = 11, amma saƙona ya ƙi buɗewa

Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya iya RSA ya duba min wannan lissafi. An ce mu zaɓi ƙananan lambobin firayim biyu, mu haɗa makulli, mu kulle lamba ɗaya, mu buɗe ta, duk da biro da takarda. Na ɗauki p = 7 da q = 11, sai n ya zama 77, φ kuma 6 × 10 = 60. Na zaɓi e = 17, na nemi d na samu 7. Na kulle 5 ya ba ni 3. Amma da na zo buɗe 3 ɗin, sai na samu 31 maimakon 5. Ina matsalar take?

Abba: Wa alaikumus salam. Ni ina ganin kalkuleta ce ta yaudare ki. 5 a fawa 17 lamba ce mai tsayi, ƙananan kalkuletoci ba sa nuna ta gaba ɗaya, sai su datse ƙarshenta. Da zarar ƙarshen ya tafi, ragowar da za ki samu shirme ce.

Hadiza: A'a Yaya Abba, ban ɗora ta gaba ɗaya ba, sukwaya na riƙa yi ina ragewa:

```
5^2  = 25
5^4  = 625 - 616 = 9
5^8  = 81 - 77   = 4
5^16 = 16
5^17 = 16 × 5 = 80 - 77 = 3
```

Malam Sani: Kullewarki daidai take, Hadiza, 3 ne. Abin da Abba ya faɗa yana faruwa sosai, amma ba shi ya kama ki ba. Matsalar tana wajen d. Kafin ki yi amfani da kowane d, ki ninka shi da e, ki raba da 60, ki duba ragowa. Idan ba 1 ba ce, kada ki ɓata takardarki. Naki 17 × 7 = 119, ki cire 60 saura 59. To 59 ba 1 ba ce, amma ki lura saura ɗaya ta kai 60. Duk lokacin da na ga ɗalibi ya samu irin wannan ragowa, na san alamar ragi ce ya yar a hanya. Turo mana yadda kika nemo d ɗin.

Hadiza: Ga shi Malam:

```
60 = 3 × 17 + 9
17 = 1 × 9 + 8
9  = 1 × 8 + 1

1 = 9 - 8
1 = 9 - (17 - 9) = 2 × 9 - 17
1 = 2 × (60 - 3 × 17) - 17
1 = 2 × 60 - 7 × 17
```

Sai na ɗauki 7 da ke kusa da 17.

Malam Sani: Madalla, ai aikin Yukilid ɗinki babu aibi ko ɗaya. Ki sake kallon layin ƙarshe. Ba 7 ne ke ninka 17 ba, -7 ne. Tunda da 60 muke zagayawa, komawa baya taku 7 daidai yake da zuwa gaba taku 53, kamar yadda a agogo saura minti 7 ƙarfe ya cika shi ne minti 53. Saboda haka d = 60 - 7 = 53. Gwaji: 17 × 53 = 901, kuma 15 × 60 = 900, ragowa 1. Shi ke nan.

Yanzu makullin da za ki ba kowa shi ne 77 da 17. Wanda za ki ɓoye shi ne 53, tare da 7 da 11 da 60, domin duk wanda ya samu ɗaya daga cikin waɗannan ukun ya samu 53.

Buɗewar ta fi kullewar aiki, amma hanya ɗaya ce. Ki rubuta 53 a matsayin 32 + 16 + 4 + 1, sannan ki yi sukwaya kina ragewa a kowane mataki:

```
3^1  = 3
3^2  = 9
3^4  = 81 - 77   = 4
3^8  = 16
3^16 = 256 - 231 = 25
3^32 = 625 - 616 = 9

9 × 25 = 225 - 154 = 71
71 × 4 = 284 - 231 = 53
53 × 3 = 159 - 154 = 5
```

Ga 5 ɗinki ya dawo. Ki lura ba mu taɓa riƙe lambar da ta wuce 625 ba, alhali 3 a fawa 53 idan aka rubuta ta cikakkiya tana da lambobi 26. Wannan ita ce dabarar da kwamfuta ma take bi, ba wata ba.

Wani abu kuma don nishaɗi: 31 ɗin da kika samu ba haka kawai ya faɗo ba. Ninka shi da 5, za ki ga 155, wato 2 × 77 + 1. Da kika juya alamar d, sai lissafin ya ba ki kishiyar saƙon a ninki maimakon saƙon.

Hadiza: Ikon Allah. Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na sake bi da kaina, 5 ya fito.

Injiniya Bala: Malam, ku gafarce ni, amma ni da waɗannan lambobin d = 23 nake samu, ba 53 ba. Kuma ya buɗe saƙon. 23 shi ne 16 + 4 + 2 + 1. Daga jadawalinku, 25 × 4 = 100, saura 23. Sai 23 × 9 = 207, saura 53. Sai 53 × 3 = 159, saura 5. Ga shi aikin ma ya fi sauƙi, ba a buƙatar zuwa fawa 32.

Abba: To fa. Makulli biyu ƙofa ɗaya? Ashe akwai ɓaraka a tsarin ke nan. Ko dai sa'a ce kawai ta sa 23 ya yi aiki da 5?

Injiniya Bala: Ba sa'a ba ce, gwada kowace lamba daga 0 zuwa 76. Ni ba da 60 nake aiki ba, da 30 nake yi, wato mafi ƙanƙantar lambar da 6 da 10 duk suke rabawa. 17 × 23 = 391 = 13 × 30 + 1. A aikace da yawan manhajoji haka suke fitar da d.

```
>>> pow(17, -1, 60)
53
>>> pow(17, -1, 30)
23
>>> all(pow(pow(m,17,77),23,77) == m for m in range(77))
True
```

Wanda zai gwada, sai Python 3.8 zuwa sama, tsofaffin ba sa karɓar -1 a wurin.

Malam Sani: Injiniya yana da gaskiya, kuma wannan ita ce gaɓar da ta fi dacewa a tsaya a kai, don a nan ake gane dalilin da ya sa abin yake aiki gaba ɗaya.

A manta da 77 na ɗan lokaci, a kalli 7 ita kaɗai. Duk lambar da 7 ba ta rabawa, idan ka ɗaga ta zuwa fawa 6 ka raba da 7, ragowar 1 ce. Gwada 2: 64, cire 63, saura 1. Gwada 3: 729, cire 728, saura 1. Haka nan 11, sai dai ita fawa 10 ce. Ƙaramar ka'idar Fermat ke nan, ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru.

Kullewa da buɗewa idan an haɗa su, ɗaga saƙo ne zuwa fawa e × d. A wurin Hadiza 901 ne, wato m sau ɗaya, da kuma m a fawa 900. Tunda 6 tana raba 900, to ta fuskar 7 wannan ɓangaren gaba ɗaya 1 ne, m ya dawo. Tunda 10 ma tana raba 900, ta fuskar 11 haka abin yake. Lambar da ta dace da m a ragowar 7, ta kuma dace da shi a ragowar 11, to a ƙasa da 77 babu wata sai m ɗin kansa.

Kun ga abin da ake bukata kawai shi ne 6 da 10 su raba e × d - 1. A wurin Injiniya 390 ne: 6 × 65, kuma 10 × 39. Ya cika sharaɗi. Don haka 23 da 53 da 83 da 113 duk suna buɗewa, tazarar 30 ce tsakaninsu. Abba, ba ɓaraka ba ce, domin a makullin gaske tazarar da ke tsakaninsu kanta lamba ce mai girman da ba a laluben ta da gwaji.

Injiniya Bala: Shi ya sa nake ganin tun farko da 30 ya kamata a riƙa koyarwa. Me ya sa za a ba ɗalibi d babba alhali ƙaramin yana nan?

Malam Sani: A nan kam mun saɓa. Takardar Rivest da Shamir da Adleman da ta fito a 1978 da (p-1)(q-1) ta yi aiki, kuma ɗalibin da yake fama da alamar ragi ba na son in ƙara masa wani lissafin a rana ɗaya. Idan ya riƙe 60 da kyau, sai a nuna masa 30. Hadiza, ke dai ki rubuta 53 a takardar da za ki miƙa, sai idan malaminku da ɗayar hanyar ya koyar.

Injiniya Bala: Ban gamsu ba Malam, amma girmanku ne.

Zainab: Ni tawa matsalar daban ce. Na so in kulle sunan garinmu harafi-harafi da makullin Hadiza, na ɗauki lambobin ASCII. Babban harafin H shi ne 72, ya tafi ya dawo lafiya. Amma ƙaramin a, wanda yake 97, da na buɗe sai ya dawo 20. Na maimaita, 20 dai.

Abba: Wannan kam na sani. 97 ya fi 77. Cire 77 daga 97 ki ga me ya rage.

Zainab: 20. To wato tun kafin in fara ya riga ya lalace?

Malam Sani: Ƙwarai. Tsarin ba ya ganin komai sai ragowa, a wurinsa 20 da 97 da 174 abu ɗaya ne. Dole saƙo ya zama ƙasa da n. Alamar wannan matsalar ita ce abin da ya dawo ya gaza na asali da 77 cif, ko ninkinta. Ko dai ki ba haruffan lambobi ƙanana da kanki, ko ki ɗauki firayim da suka fi girma. Da 11 da 13 za ki samu 143, ya ɗauke ASCII duka tunda a 127 ya tsaya. Amma ƙ ɗinmu mai lanƙwasa lambarta 409 ce a Unicode, ita ma ba za ta shiga ba.

Musa: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni na san dokar ita ce dole saƙon kada ya haɗa komai da n. Wato da makullin nan ba za a iya tura 14 ba, tunda 7 tana raba shi. Haka aka koya mana, ka'idar Euler ba ta aiki idan ba haka ba.

Injiniya Bala: Layin ƙarshe na abin da na turo a sama ya gwada duka 77 ɗin, har da 14, kuma ya ce `True`.

Musa: To ai kwamfuta ta ce, ba ta bayyana ba. Ka'idar ai tana da sharaɗi.

Malam Sani: Musa, rabin maganarka daidai ne. Hujjar da ake kafawa da ka'idar Euler kai tsaye tana bukatar wannan sharaɗin. Amma sharaɗin hujjar ne, ba na RSA ba. Koma kan bayanin da na yi na kallon 7 daban, 11 daban. Ta fuskar 7, lamba 14 sifiri ce, kuma sifiri ko a wace fawa ka ɗaga shi sifiri ne, don haka ya dawo yadda yake. Ta fuskar 11 kuwa 14 tana barin 3, ka'idar Fermat ta yi aikinta. Idan ka kulle 14 za ka samu 42, ka buɗe 42 ka samu 14.

Inda kake da gaskiya sosai shi ne haɗarin. Wanda ya tsinci 42 a hanya, ya kuma san 77, zai nemi babbar lambar da take raba su duka, ya samu 7. Ya fasa makullin ke nan ba tare da wahala ba. A misalinmu wannan yana yawan faruwa, domin 7 da 11 ƙanana ne. A makullin gaske damar faɗawa kan irin wannan saƙo daidai take da damar cankar p da ka. Sai dai dabarar ta taɓa yin ɓarna ta wata hanyar: a 2012 masu bincike sun tattara makullan jama'a masu ɗimbin yawa daga intanet, suka tarar wasu sun yi tarayya a firayim ɗaya saboda na'urorin da suka haɗa su ba su da kyakkyawar hanyar zaɓen lamba. Lissafin Yukilid ɗin nan da Hadiza ta yi a layi uku, shi ya fasa su.

Hadiza: Malam wata tambayar. Da farko e = 3 na so ɗauka don aikin ya yi sauƙi, sai wata ƙawata ta ce ba zai yiwu ba, ba ta kuma faɗa min dalili ba. Ai 3 firayim ce.

Malam Sani: Zamanta firayim ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne kada ta haɗa komai da 60, ita kuwa 3 tana raba 60. Duk abin da kika ninka da 3, kika cire 60 sau nawa ne, abin da zai rage 3 tana raba shi, ba zai taɓa zama 1 ba. Babu d ke nan. Ki ga illar da idonki: kulle 1 da e = 3, za ki samu 1. Yanzu kulle 23. Sukwayarsa 529, cire 462 saura 67. Sai 67 × 23 = 1541, cire 1540 saura 1. Saƙo biyu sun faɗa rami ɗaya, har da na uku ma, 67. Wanda ya karɓi 1 ba shi da hanyar sanin wanne aka turo masa. Haka 5 ma ba za ta yi ba. Amma 49, wadda ba firayim ba ce, ta halatta.

17 ɗinki zaɓi ne mai kyau, 16 + 1 ce, sukwaya huɗu da ninki ɗaya kin gama. Dalilin da ya sa ake yawan amfani da 65537 a makullan gaske ke nan: 65536 + 1 ce, sukwaya 16 da ninki ɗaya.

Zainab: Na sake cin karo da wani. Na kulle 34 ya fito 34. Na ɗauka kuskure na yi.

Injiniya Bala: Ba kuskure ba ne ƙanwata. 34 × 34 = 1156, kuma 15 × 77 = 1155. Sukwayarsa 1 ce, don haka fawa 16 ma 1 ce, sai ya rage 34 kawai. Da wannan makullin lambobi tara ne suke fitowa tsirara yadda suka shiga: 0, 1, 21, 22, 34, 43, 55, 56 da 76. Kowane makullin RSA yana da aƙalla tara irinsu, sai dai tara cikin 77 abu ne da za ka yi tuntuɓe da shi, tara cikin lamba mai tsayin ɗaruruwa kuwa ba za ka taɓa gamuwa da su bisa tsautsayi ba.

Abba: To idan na ɗauki manyan firayim, na bi matakan nan daidai, zan iya sa shi a ɗan shafin da nake haɗawa don ɓoye lambobin sirrin masu shiga?

Injiniya Bala: Don girman Allah kada ka yi. Na farko ma lambar sirrin masu shiga ba da RSA ake adana ta ba, wannan wani babi ne. Na biyu, girman lamba matsala ɗaya kawai yake warwarewa, ta fasa n. Wannan ɗin gaskiya ne, 77 ko ɗan firamare zai ce maka 7 × 11. Lambar RSA-250 mai bit 829 an fasa ta a 2020, yanzu kuwa ana farawa ne daga bit 2048, wato n mai lambobi wajen 617.

Amma akwai abin da girma ba ya gyarawa. A yadda muke yi a nan, 5 kullum 3 yake bayarwa. Idan na san saƙonka ɗaya ne cikin 'yan kaɗan, sai in kulle kowanne da makullinka na fili in ga wanda ya yi daidai, ban taɓa d ba. Harafi-harafin da Zainab take yi ma haka ne, duk inda harafi ya maimaitu lambarsa za ta maimaitu.

Ga wanda ya fi muni. Ka ce na tare 3 ɗin Hadiza a hanya, ban san abin da ke ciki ba. Sai in kulle 2 da kaina: 2 a fawa 8 shi ne 256, saura 25, sukwayarsa ta bar 9, sau 2 ya zama 18. In ninka 3 × 18 = 54, in tura mata. Ta buɗe 54 za ta ga 10. Na ninka saƙon sau biyu ba tare da na karanta shi ba. Ka ɗauka adadin kuɗi ne. Saboda haka ne ake cakuɗa saƙon da bazuwar lambobi bisa tsari irin OAEP kafin a ɗaga shi fawa, kuma galibi ba saƙon kansa ake kullewa da RSA ba, ɗan gajeren makullin AES ne.

Hadiza: Na gwada 54 da d = 23 don ya fi sauri. Ta fuskar 11 ya ba ni 10, ta fuskar 7 ya ba ni 3. 10 ne kuwa.

Musa: Ni fa har yanzu wannan shi ne abin da yake damuna da ƙananan misalan nan. Kusan duk abin da muka tattauna, da 34 da 14 da 97, matsalolin 77 ne, ba na RSA ba. Ɗalibi zai tafi da tsoron abin da ba ya faruwa, ya bar wanda yake faruwa.

Malam Sani: Na 34 da 14 na yarda. Na 97 ban yarda ba, iyakar girman saƙo tana nan ko a bit 2048. Na 54 kuma yana aiki a kowane girma, kuma ban san wata hanyar da Abba zai gan shi da idonsa ba in ba da lambobin da zai iya ninkawa a takarda ba. Hadiza, ga na gaba: p = 11, q = 13, e = 7, saƙo 9. Nemo d, ki gwada shi da e kafin komai, ki turo mana kowane layi.

Hadiza: To Malam. φ = 120. Yukilid ya ba ni 120 = 17 × 7 + 1, wato -17, don haka d = 103, kuma 7 × 103 = 721 = 6 × 120 + 1. Kullewar da buɗewar sai bayan Isha in sha Allahu.

Injiniya Bala: Da 60 kika yi maimakon 120, da 43 kika samu.